Makulli Ya Juya Amma Mota Ta Ƙi Tashi: Yadda Imobilaiza Ke Gane Makullin Gaskiya

Mutum zai kai makullin motarsa wajen mai yankan makulli, cikin 'yan mintuna a yanko masa wani sak irinsa. Sabon makullin zai buɗe ƙofa, ya shiga suwic, ya juya, fitilun dashbod su kama, inji ya yi ta ƙugi, amma mota ta ƙi tashi. Da ya mayar da tsohon makullin, bugu ɗaya ta tashi. Mafi yawan mutane a nan sai su ce mai yankan ne bai iya aiki ba. Sau tari kuwa yankan ba shi da laifi ko kaɗan. Abin da ya hana motar tashi wata 'yar hira ce da ake yi a ɓoye tsakanin makulli da mota, wadda ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, kuma sabon makullin ya kasa amsa tambayar da aka yi masa.

Na'urar da ke yin wannan tambayar ita ake kira imobilaiza. Za mu bi aikinta daki-daki, kuma za mu ɗauki Toyota mai makullin murɗawa a matsayin misali, wato irin su Corolla da Camry 'yan Kwatano da suka cika titunanmu.

Makulli ɗaya, ayyuka uku

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne, makullin motar zamani abubuwa uku ne aka haɗa a jiki ɗaya, kuma kowanne da aikinsa daban.

Na farko shi ne ƙarfen, mai haƙora. Aikinsa ya daidaita 'yan ƙarafunan da ke cikin gidan makulli don ya samu damar juyawa, kamar dai yadda makullin kwaɗo ke yi. Wannan shi ne kaɗai abin da injin yanka yake kwaikwayo.

Na biyu shi ne rimot, mai maɓallan buɗe ƙofa da kullewa. Shi yana amfani da ɗan batir irin na agogo, yana kuma aika saƙon rediyo daga nesa. Motocin da aka ƙera don Amurka galibi suna amfani da zangon megahaz 315, na Turai kuma megahaz 433.

Na uku shi ne wanda ba a gani: wani ɗan cip da aka binne a cikin robar kan makullin, wanda bai fi ƙwayar wake ba. Sunansa taransifonda. Wani yana zuwa kamar ɗan baƙin dutse, wani kuma kamar ɗan siririn gilashi mai waya a naɗe a ciki. Wannan cip ɗin ba shi da batir, ba ruwansa da rimot, kuma shi ne ke da ikon cewa inji ya tashi ko kada ya tashi.

Shi ya sa za ka ga batirin rimot ya mutu amma makulli yana tayar da mota lafiya lau. Shi ya sa kuma za ka iya samun makulli da rimot ɗinsa ke buɗe ƙofa daga nesa amma ya kasa tayar da inji.

Ina cip ɗin yake samun wuta?

Idan ka cire robar da ta rufe wuyan sitiyari, za ka ga wani baƙin zobe ya kewaye bakin ramin makulli. A cikinsa akwai siririyar wayar tagulla da aka naɗe sau da yawa. Wannan shi ne koyil ɗin imobilaiza, kuma shi ne eriyarta.

A Toyota akwai ɗan maɓalli a cikin gidan makulli da ke sanar da mota cewa an zura makulli, tun kafin a murɗa. Da zarar ya sanar, sai koyil ya fara fitar da ƙarfin maganaɗisu mai kaɗawa. Ita kuma 'yar wayar da ke cikin cip sai ta mayar da wannan ƙarfin ya zama wutar lantarki. Idan ka taɓa ɗora waya a kan caja marar igiya, ko ka kara katin banki a jikin na'urar biyan kuɗi, to ka ga irin wannan dabarar.

Cip ɗin da Toyota ta daɗe tana amfani da shi na kamfanin Texas Instruments ne, kuma yana aiki a zangon kilohaz 134.2. Koyil zai yi masa caji na kimanin kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa, ya tara wutar a ɗan ma'ajinsa, sannan koyil ya yi shiru, shi kuma ya yi amfani da wutar da ya tara ya ba da amsa. Wasu kamfanonin suna amfani da cip mai aiki a kilohaz 125. Ga masu tunanin ko wayarsu za ta iya karanta makulli, NFC na waya yana aiki ne a megahaz 13.56, don haka ba ya ma jin muryar wannan cip ɗin.

Wannan ƙarfin maganaɗisun ba ya wuce 'yan santimitoci. Da gangan aka yi shi haka, don mota ta saurari makullin da ke cikin suwic kawai. Amma kuma hakan na nufin ƙaramin abu na iya ɓata hirar. Idan an sa cip a nesa da inda ya kamata ya zauna a kan makullin, ko an rufe kan makullin da kwanson ƙarfe na ado, ko an rataya makullin wata motar mai cip a zobe ɗaya har suna gugar juna, mota za ta iya kasa ji.

Daga lamba ɗaya zuwa tambaya da amsa

Cip na farko-farko, irin wanda masu makulli ke kira 4C a tsofaffin Toyota, lamba ɗaya tak yake da ita. Duk lokacin da aka ba shi wuta sai ya faɗi lambar. Mota ta duba jerin lambobin da ta sani, in ta gan ta a ciki ta ba da izini. Matsalar a bayyane take: duk na'urar da ta ba shi wuta za ta ji lambar, kuma za ta iya rubuta ta a kan wani cip ɗin. Kwafar irin wannan makullin ba ta da wuya.

Sai aka koma tsarin tambaya da amsa. A wannan tsarin, cip yana da abubuwa biyu. Akwai lambar shaida, wadda yake faɗa wa kowa, kamar sunan da kake amfani da shi a manhaja. Akwai kuma lambar sirri, wadda ba ya taɓa faɗa, ko da motarsa ce ta tambaya. Ita ma motar tana da kwafin wannan sirrin a ajiye.

Ga yadda hirar take. Mota za ta ƙirƙiro wata lamba ta ka-ci-ka-ci, sabuwa fil, ta aika wa cip. Cip zai cakuɗa wannan lambar da sirrinsa ta hanyar wani lissafi, ya mayar da sakamakon tare da lambar shaidarsa. Ita ma motar za ta yi lissafin a nata ɓangaren. Idan amsoshin biyu suka zo ɗaya, to lallai makullin ya san sirrin.

Bari mu gwada da ƙananan lambobi. A ce sirrin 37 ne, lissafin kuma shi ne a ninka tambaya da sirri, a raba da 97, a ɗauki ragowa.

```python
def amsa(tambaya, sirri):
    return (tambaya * sirri) % 97

print(amsa(52, 37))  # 81
print(amsa(15, 37))  # 70
print(amsa(15, 41))  # 33
```

Da safe mota ta aika 52. Makullin gaskiya ya ninka 52 da 37 ya samu 1924, ya raba da 97, ragowa 81. Mota ma ta samu 81, sai inji ya tashi. Yanzu a ce wani ya saurari wannan hirar ya rubuta 81 a kan sabon cip. Da rana mota ba za ta sake tambayar 52 ba, sai ta aika 15. Amsar da take jira ita ce 70, shi kuwa kwafin 81 kawai ya haddace. Haka nan idan aka kawo cip mai iya lissafin amma sirrinsa 41 ne, zai amsa 33, mota ta ƙi shi. Kamar lambar OTP ce da banki ke turo maka: ta jiya ba ta yi maka aiki yau.

Wannan lissafin namu na wasa ne, ɗan sakandare ma zai iya warware shi. Na gaske an tsara shi ne ta yadda ganin tambaya da amsa ba zai nuna maka sirrin kai tsaye ba. A cip ɗin Texas Instruments mai suna DST40, wanda shi ne tushen makullan Toyota na ajin 4D, tambayar bit 40 ce, sirrin bit 40, amsar kuma bit 24. Sirri mai bit 40 yana nufin akwai lambobi sama da tiriliyan ɗaya da zai iya kasancewa. Wanda ya yi canke kuwa, damarsa ta dacewa da amsa ɗaya ce cikin 16,777,216.

Shinge na biyu: birenbos

Ko bayan makulli ya ci jarrabawa, da sauran mataki ɗaya. A motoci da yawa na Toyota, akwatin da ke tantance makulli daban yake da kwamfutar da ke sarrafa inji, wadda makanikai ke kira birenbos. Akwatin imobilaiza yana ɓoye a can cikin dashbod, kuma shi da birenbos suna da tasu lambar da suka san juna da ita. Sai akwatin ya shaida wa birenbos cewa makulli na gida ne, sannan birenbos ya bar injekta ta ci gaba da feso mai, fulogi kuma ya ba da wuta.

Wannan ne dalilin da ya sa kik yake juya inji amma ba ya kamawa. A waɗannan motocin imobilaiza ba ta hana kik aiki, mai da wuta take hanawa. Wani lokaci inji zai ɗan kama na daƙiƙa ɗaya ko biyu sannan ya mutu. Kuma wannan ne dalilin da ya sa haɗa wayoyin suwic irin na finafinai ba ya tayar da irin wannan motar.

Nan ma akwai wani abu da ke rikita mutane. Idan aka canza birenbos da na wata motar, makullinka na asali ma zai daina tayar da ita, alhali lafiyarsa ƙalau. Akwatin imobilaiza ya gane makullin, amma sabon birenbos bai san akwatin ba. Sai an gabatar da su ga juna, kuma a Toyota wannan aikin yana buƙatar a bar suwic a kunne na minti 30.

Hanyoyi huɗu da kwafin makulli ke faɗuwa

Ta farko, babu cip kwata-kwata. Makullan da ake sayarwa da arha da yawa ƙarfe ne da roba kawai. Wani lokaci kuma mai mota da kansa ne ya jawo: robar tsohon makulli ta fashe, ya sayo sabon kwanso, aka mayar da ƙarfe da rimot, aka jefar da tsohuwar robar. A wasu makullan cip ɗin yana manne ne a wani ɗan lungu na wannan robar da aka jefar.

Ta biyu, akwai cip amma ba irin na motar ba ne. Toyota ta sauƙaƙa gane wannan, domin tana buga alama a jikin ƙarfen makulli kusa da roba. Ɗigo yana nufin cip na ajin 4D mai bit 40. Harafin G yana nufin wanda ya biyo bayansa mai bit 80, wanda ya fara fitowa wajen 2010. Harafin H kuma yana nufin mai bit 128, wanda ya zo bayan 'yan shekaru. Ƙarfen makullan uku zai iya zama iri ɗaya, duk su shiga su juya, amma motar G ba za ta karɓi cip mai ɗigo ba, domin harshensu ba ɗaya ba ne.

Ta uku, cip ɗin daidai ne amma ba a yi masa rajista ba. Wannan baƙo ne mai jin harshen gida, sai dai sunansa ba ya cikin jerin waɗanda mai gadi ya sani.

Ta huɗu, an kwafi lambar shaida amma ba a samu sirrin ba, ko rubutun ya katse a tsakiya. Wannan shi ya fi yaudara, domin idan aka ɗora makullan biyu a na'urar karantawa za su nuna lamba iri ɗaya. Mai aikin zai ce maka ai ka gani da idonka. Amma lambar shaida kowa na iya karanta ta. Jarrabawar gaskiya sai a jikin mota.

Mu bi misali ɗaya har ƙarshe

A ce kana da Corolla ta 2012 ƙirar Amurka, makulli ɗaya tak aka ba ka, kuma akwai G a jikin ƙarfensa. Ka yanko na biyu, ya ƙi tayar da mota.

Kafin a kwance komai, ka duba fitilar tsaro. 'Yar jar fitila ce a dashbod da ke ƙyaftawa idan babu makulli a suwic. Ka zura tsohon makullin ba tare da ka murɗa ba. Fitilar za ta mutu nan take. Wannan ya nuna maka abubuwa uku a lokaci ɗaya: koyil lafiya, akwatin imobilaiza lafiya, kuma makullinka babba ne, wato masta. Da ƙaramin makulli ne, wanda ake ba mai wanki ko mai fakin, fitilar za ta tsaya a kunne na kimanin daƙiƙa 2 kafin ta mutu. Wannan bambancin zai yi amfani nan gaba.

Yanzu ka cire shi, ka nisanta shi da sitiyari, ka zura sabon. Fitila ta ci gaba da ƙyaftawa. To magana ta ƙare, ba famfon mai ba ne, ba fulogi ba ne, ba batir ba ne. Mota ce ba ta yarda da makullin ba. Ka daina murɗa kik, don ba abin da zai ƙara sai kashe maka batir.

Saura a gano wace ce daga cikin hanyoyin nan huɗu. A nan ake buƙatar sikana da za a jona a ramin OBD2 da ke ƙarƙashin sitiyari. Ka sani cewa 'yan ƙananan na'urorin ELM327 da ake haɗawa da waya, tare da yawancin manhajojin kyauta, matsalolin inji masu farawa da harafin P kawai suke karantawa. Lambobin imobilaiza suna farawa da B, kuma sai sikana mai iya shiga sashen Immobiliser, kamar manhajar Techstream ta Toyota. A fara goge tsofaffin lambobi, a sake zura sabon makullin, sannan a karanta. Ga ma'anar waɗanda aka fi gani:

B2796: mota ta yi kira ba ta ji amsa ba. Ko babu cip, ko ya mutu, ko ba ya samun wuta.

B2795: an ji amsa, amma lambar makullin ba ta cikin waɗanda aka yi wa rajista.

B2794: amsar lissafin sirri ba ta yi daidai ba.

B2793: cip ɗin kansa yana da matsala.

B2784: wayar koyil ta tsinke ko ta haɗe.

B2799: akwatin imobilaiza da birenbos ne ba su fahimci juna ba.

A misalinmu, a ce B2796 ta fito. Tunda tsohon makulli yana aiki, ba za a zargi koyil ba. Aka ɗora sabon makullin a na'urar karanta cip, ba ta ga komai ba. Aka buɗe robar, ramin cip fanko. Aka sayo cip na G aka saka, aka sake gwadawa. Har yanzu mota ba ta tashi ba, amma lambar ta koma B2795. Wannan ci gaba ne: yanzu mota na jin makullin, ba ta dai san shi ba.

Sai rajista. A Techstream ana shiga Immobiliser, sannan Utility, sannan Key Registration. Manhajar za ta ce a zura masta a kunna suwic, a cire shi, a zura sabon cikin 'yan daƙiƙoƙi. Fitilar tsaro za ta yi ta ƙyaftawa na kimanin minti ɗaya, sannan ta mutu. Mutuwarta ita ce alamar an karɓi makullin. Idan sabon makullin yana da rimot, shi ma sai an yi masa tasa rajistar daban.

Ka lura da abin da ya sa aikin ya zo da sauƙi: akwai masta a hannu. Shi ne ke tsaya wa sabon makulli. Da ƙaramin makulli kaɗai gare ka, ko duk sun ɓata, sai an goge ƙwaƙwalwar akwatin imobilaiza an fara daga farko, aikin da ya fi tsada da ɗaukar lokaci, wani lokaci har sai an kwance dashbod. Don haka lokacin da ya fi dacewa a yi makulli na biyu shi ne tun na farkon yana hannu.

Kwafi da rajista ba ɗaya ba ne

Masu makulli suna da hanyoyi biyu, kuma yana da kyau ka tambayi wacce za a yi maka.

Rajista ita ce wadda muka gani. Sabon cip yana da tasa lambar, mota ta ƙara shi a jerinta. Idan aka duba da sikana, adadin makullai ya ƙaru da ɗaya.

Kwafi kuma shi ne a mayar da wani cip na musamman ya zama tagwayen tsohon, lambar shaida ɗaya, sirri ɗaya. Mota ba ta ma san an yi sabon makulli ba. Yana aiki idan an yi shi daidai, amma yana da illa ɗaya. Idan tsohon makullin ya ɓata kana son a goge shi don kada wanda ya tsince shi ya tayar da motar, to kwafin ma ya tafi tare da shi, tunda a wajen mota makulli ɗaya ne.

Za ka iya tambaya, in dai cip ba ya faɗin sirrinsa, ta yaya ake kwafarsa? Ana lissafo sirrin ne daga amsoshinsa. A 2005 masu bincike daga Jami'ar Johns Hopkins da RSA Laboratories suka nuna cewa bit 40 na DST40 ya yi kaɗan: da tambaya biyu da amsoshinsu, na'ura mai sauri za ta iya gwada lambobi har ta gano sirrin. Dalilin buƙatar biyu shi ne, amsa mai bit 24 ba ta isa ta ware sirri ɗaya daga cikin masu bit 40 ba. Amsa ta farko tana barin kimanin lambobi 65,536 da duk za su iya ba da ita, ta biyu ce ke tace su. A 2012 wasu masu binciken suka fasa Hitag2 mai bit 48, wanda motoci da dama suka yi amfani da shi. A 2015 aka wallafa binciken raunin Megamos, bayan Volkswagen ta je kotu a Ingila a 2013 ta dakatar da fitar da shi. A 2020 kuma masu bincike daga jami'o'in KU Leuven da Birmingham suka nuna cewa yadda Toyota da Hyundai da Kia suka samar da sirrin cip mai bit 80 a wasu motocinsu yana da rauni.

A kan irin waɗannan raunin na'urorin kwafi suke tafiya. Shi ya sa aikin yakan ɗauki mintuna, wani yana buƙatar intanet, wani cip ɗin ma sai an kawo motar an kunna suwic don na'urar ta saurari hirar. Duk wanda ya ce ya kwafi makullin G cikin daƙiƙa biyar ba tare da an gwada a mota ba, ka yi hattara.

Dabarar manna cip a wuyan sitiyari

Akwai gajeriyar hanya da wasu masu riwaya ke bi: a ciro cip daga tsohon makulli, a manne shi a jikin koyil, sai kowane ƙarfe da aka yanka ya riƙa tayar da mota. Tana aiki kam, amma ma'anarta ita ce an kashe imobilaizar gaba ɗaya. Mota kullum tana jin amsar da take so, ko da wane ne ya murɗa suwic. Idan ka sayi mota ka ga makullinta ƙarfe ne zalla alhali tana da fitilar tsaro, ka sa a buɗe wuyan sitiyari a duba.

Abin da ya faru a Amurka ya isa misali. Ƙasashen Tarayyar Turai sun wajabta imobilaiza a sabbin motoci tun 1998, Ostareliya a 2001, Kanada a 2007, amma Amurka ba ta wajabta ba. Motocin Kia da Hyundai da yawa masu makullin murɗawa da aka sayar a can tsakanin 2011 da 2021 ba su da ita. Da bidiyoyin yadda ake tayar da su suka bazu a TikTok, satarsu ta yi tashin gwauron zabi a birane da dama. Tunda motocin Amurka na shigowa ƙasashenmu da yawa, sabuntar mota ba ta tabbatar da cewa tana da imobilaiza.

Kafin ka biya mai makulli

Ka duba alamar da ke jikin ƙarfen makullinka, ɗigo ce ko G ko H, ka tabbatar cip ɗin da za a saka irinsa ne. Ka tambaya ko kwafi za a yi ko rajista. Ka je da motar, kuma a gwada sabon makullin shi kaɗai, tsohon yana can nesa a hannun wani, domin idan suna zobe ɗaya tsohon zai iya amsawa a madadin sabon, ka koma gida da makullin da ba ya aiki. Ka kalli fitilar tsaro ta mutu, ka tayar da inji ka bar shi ya ɗan yi aiki, ka kashe, ka cire makullin, ka sake gwadawa sau biyu ko uku.

Idan an yi rajista, ka sa a nuna maka adadin makullan da motar ta sani. Idan adadin ya fi waɗanda ke hannunka, kamar yadda ake yawan samu a motar hannu, akwai wani makulli a wani wuri da zai iya tayar da motarka. A goge su duka, a sake yi wa naka rajista.

Masu mota mai maɓallin START ma wannan cip ɗin yana cikin makullinsu. Ranar da batirin makullin ya mutu, ka taka birki, ka kara makullin a jikin maɓallin, sannan ka danna. A Toyota koyil ɗin yana kewaye da maɓallin ne, zai ba cip ɗin wuta, a yi tambaya da amsa kamar yadda muka bayyana, inji ya tashi.